Yadda Ake Tsara Rajistar Cinikin Kanti A Kwamfuta

Mai ƙaramin kanti yana bukatar rajistar da za ta nuna masa cinikin mako, ta kuma raba kuɗin hannu da bashi. Ana iya tsara ta a manhajar Excel da shafuka bakwai na tsaye, daga A zuwa G.

A layin farko sai a rubuta kawunansu bi da bi: Rana, Kaya, Yawa, Farashi, Jimla, Biya da Mako. Kowane ciniki layinsa daban. A shafin Biya, kalma ɗaya ake rubutawa, ko "hannu" ko "bashi". Jimla da Mako kuwa kwamfuta ce ke cika su. Dabara ta farko a gidan E2 za a sa ta, ta biyu a G2, sannan a kwafe su zuwa ƙasa:

```
=C2*D2
=A2-WEEKDAY(A2,2)+1
```

Ta biyun tana fitar da Litinin ɗin makon da aka yi cinikin. Idan lamba kamar 45719 ta bayyana, ba kuskure ba ne. Sai a mayar da tsarin shafin zuwa Date.

Domin jimlar mako, a rubuta kwanan watan Litinin a I2, a sa waɗannan a J2 da K2:

```
=SUMIFS(E:E,G:G,I2)
=SUMIFS(E:E,G:G,I2,F:F,"bashi")
```

Alal misali, a makon Litinin 3 ga Maris, 2025, an sayar da sukari mudu 4 a kan Naira 3,000, da sabulu 10 a kan Naira 500, da man gyaɗa kwalba 3 a kan Naira 2,500 bashi. J2 zai nuna 24,500, K2 ya nuna 7,500. Ke nan Naira 17,000 ya kamata a tarar, tsakanin aljihun tebur da abin da ya shiga asusun banki. In an sami giɓi, ko dai an manta da wani bashi, ko an taɓa kuɗin ba a rubuta ba.

Kuskuren da ya fi yawa daga kwanan wata yake. Kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka wata take fara karantawa, saboda haka 13/3/2025 ba rana ba ce a wurinta. Alamar ita ce rubutun ya jingina hagu, shafin Mako ya nuna #VALUE!, cinikin layin kuma ya fice daga jimlar mako. Mafi haɗari shi ne 4/3/2025, wanda za ta karɓa shiru a matsayin 3 ga Afrilu. Maganinsa a rubuta 2025-03-04.

A lura cewa rajistar ciniki take nunawa, ba riba ba. Kafin a san riba sai an cire kuɗin sari, da dako, da hayar rumfa.