Daga Mararaba zuwa Sakatariya: Amsar Wasiƙar Sabon Ma'aikaci

Wani ma'aikacin gwamnatin tarayya ya aiko mana da wasiƙar da wani saurayi da aka ɗauka aiki a sashensu ya rubuta masa, yana neman shawara kan yadda zai amsa ta. Abin da saurayin ya rubuta, bayan gaisuwa, shi ne: "Ranka ya daɗe, ran Litinin zan kama aiki, na sauka wurin ɗan'uwana a Mararaba, ba ni da abin hawa. Ina roƙon Yallaɓai ya kwatanta mini yadda zan zo Sakatariya." Shi kuwa wanda aka tambaya, da yake ya daɗe yana zuwa aiki da motar kansa, ya ce ya yi niyyar ya aika masa da adireshin ofis kawai, sai zuciyarsa ta ƙi natsuwa.

To, Malam, gara da zuciyarka ta ƙi, domin adireshi amfaninsa ga mai tuƙa kansa ne ko wanda zai ɗauki shatar tasi, alhali wanda zai shiga motar haya ba ya bukatar sunan titi da lambar gini kamar yadda yake bukatar sunan da kwandasta yake kira a bakin hanya. Farkon abin da ya wajaba a kanka shi ne ka warware masa shubuhar da ke cikin tambayarsa, wadda shi kansa bai san da ita ba, wato cewa Sakatariya a Abuja ba ɗaya ba ce. Akwai Sakatariyar Tarayya da ke kan titin Shehu Shagari, daura da Dandalin Eagle, akwai tsohuwar Sakatariya a Eriya 1 cikin Garki, wadda har yanzu wasu ma'aikatu suke zaune a cikinta, sannan akwai ta Hukumar Birnin Tarayya a Eriya 11. Baƙon da ya ce wa direba "Sakatariya" ya yi shiru, galibi ta titin Shehu Shagari za a kai shi, in kuwa ofishinsa na Eriya 1 ne, to ya sauka inda ba nan ba ne, sai ya sake biyan kuɗin wata mota. Ita ma ta Tarayyar rukuni uku ce, saboda haka ka ambata masa rukuninku, da ƙofar da ake shiga, da benen da kuke.

Mu ƙaddara ta titin Shehu Shagari ce, tun da ita ce mafi rinjaye. Hanyar ɗaya ce ba ta da ta biyu mai sauƙi: babban titin Keffi zuwa Abuja, wanda daga Mararaba, a ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, yake ratsa Nyanya, ya wuce gadar Karu, ya hau tudun Kugbo, ya gifta barikin sojan da aka fi sani da Barikin Abacha, kana ya iso AYA a Asokoro. Ka jera masa waɗannan sunaye bisa tartibi, domin wanda ya san su yana iya gane inda yake ko da mota ta lalace ta sauke shi a tsakiyar hanya. Sa'an nan ka faɗa masa cewa motocin iri biyu ne ta fuskar inda suke tsayawa, wasu suna kiran Sakatariya kai tsaye, wasu kuwa AYA ce iyakarsu, daga nan sai ya nemi ƙaramar tasi ta haɗaka ta ƙarasa da shi. Idan ya sami ta kai tsaye ya shiga, ko da ta ɗan fi tsada, domin sauka a AYA da safe ya sake shiga kokawar neman wuri yakan ci masa lokacin da ya fi ƙarfin abin da ya yi tattali.

Amma gundarin mas'alar yana ga lokacin fita, kuma nan ne tsofaffin ma'aikata suke yawan yi wa sababbi rowar bayani ba da gangan ba. Nisan bai wuce kilomita 20 ba, wanda in hanya ta buɗe rabin sa'a ya ishi mota, sai dai jama'ar da ke kwana a Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya da Karu, waɗanda tsadar haya ta hana su zama cikin birni, dukkansu ta wannan maƙogwaro guda suke shiga da safe, har tafiyar rabin sa'a ta koma ta sa'a biyu, musamman ran Litinin, ko ranar da aka kwana ana ruwa, ko wata babbar mota ta mace a hawan Kugbo. Tun da ƙa'idar aikin gwamnati ƙarfe 8 ne, shawarar da zan ba shi ita ce ya yi shirinsa tun kafin kiran assalatu, yana sallame sallar Asuba ya nufi bakin titi, ya zamana kafin ƙarfe 6 yana cikin mota. Zai isa da wuri ƙwarai, ya zauna yana jiran masu shara su gama, amma wanda ya ƙara minti talatin a gida sau da yawa sa'a guda yake biya a hanya. Alamar da zai gane ya makara ita ce ya tarar da mutane sun yi cincirindo a bakin titi suna rugawa duk motar da ta rage gudu, kwandastoci kuma sun ƙara kuɗi. In ya ga haka, ya kira ka tun daga nan ya sanar da kai.

Ka kuma gargaɗe shi kada ya yi ƙiyasi da garin da ya fito, inda in mutum ya makara sai ya haye acaɓa ya ratsa cunkoso. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun shekarar 2006, zamanin da Nasir El-Rufa'i yake minista, ƙananan bas-bas kuma an hana su shiga cikin birni a 2013, Keke Napep ma ba ya bin manyan titunan da ke kewaye da Sakatariya. Acaɓa zai fitar da shi daga lungun unguwarsu zuwa bakin titi a Mararaba, iyakarsa ke nan.

Game da kuɗin mota, kada ka rubuta masa adadin da ka sani tun kana shiga haya, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, kuma na safiya daban yake da na yamma. Ka tambayi masinjan ofishinku ko wani da ke zuwa daga wannan shiyya abin da ya biya a wannan mako, ka ce wa saurayin ya riƙe ninkinsa, cikin ƙananan takardu, saboda rigimar canji.

Saura komowa gida, wadda bai tambaya ba, alhali ta fi zuwan haɗari. Da yamma motocin kabu-kabu marasa fenti sukan yi yawa a bakin hanya, ma'aikata ne da dama daga cikinsu suke neman kuɗin mai, amma a cikinsu ne 'yan wan-cans suke sajewa, su ɗauki mutum a matsayin fasinja su yi masa fashi a hanya. Ya lizimci tasha ko matsayar da 'yan kamasho suke lodi, ya fifita tasi mai koren fenti da lamba a jikinta ko babbar bas, ya guji mota mai baƙin gilashi, da wadda ta tsaya masa shi kaɗai da maza a ciki suna matsa masa ya shiga tsakiyarsu. In hali ya yi, ka haɗa shi da wani abokin aiki mazaunin Nyanya ko Mararaba su riƙa tashi tare a makon farko, ka sa lambar wayar mutumin a ƙarshen wasiƙarka bayan ka nemi izininsa.