Me Ya Sa Igiyar Caji Mai Araha Ke Jan Ƙafa Ko Da Kan Cajar Mai Ƙarfi Ne?

Jama'a, akwai wani kuka da ya yawaita a bakin masu waya. Mutum ya sayi kan caja mai nauyi, an rubuta 18W ko 33W a jikinsa, an kawo wuta ya jona, amma har aka ɗauke wutar batirin bai kai rabi ba. Sai ya ce an sayar masa da jabun caja, ko batirinsa ya mutu. Sau da yawa kuwa ba can laifin yake ba. Yana jikin igiyar nan da ke tsakanin kan cajar da wayar, wadda ya saya a bakin titi don ya ga ta fi sauran araha.

Caja ba ta tura wuta da ƙarfin tsiya

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, lambar da ke jikin kan caja iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da lalle zai bayar ba. Wayar ce ke ja, kuma gwargwadon abin da ya iso bakinta take ja. Ku ɗauki misalin tankin ruwa da ke bisa gini, cike fal, aka jona masa siririn tiyo mai tsawo. Girman tankin ba zai sa bokiti ya cika da wuri ba, domin tiyon ne ke yanke hukunci. To, haka igiyar caji take.

Wutar lantarki tana da ma'auni biyu da suka shafe mu a nan. Akwai bolt, wato ƙarfin turin wutar, shi ne harafin V da kuke gani a jikin caja. Akwai kuma amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, shi ne harafin A. In an ninka wannan da wancan sai a sami wat. Cajar da aka rubuta wa 5V 2A, ke nan tana iya ba da wat 10.

Abin da ke cikin igiyar

In ka sami tsohuwar igiya ka feɗe ta da reza, za ka tarar da ƙananan wayoyi huɗu a ciki, galibi ja, baƙi, fari da kore. Ja da baƙi su ne masu ɗaukar wutar caji, ta tafi ta ɗaya ta dawo ta ɗaya. Fari da kore na aika saƙo ne, za mu zo kansu. Cikin kowace waya akwai silin jan ƙarfe, kuma jan ƙarfen nan shi ne tsadar igiya. Roba ba ta da tsada. Saboda haka mai son ya yi igiya mai araha sai ya rage jan ƙarfen, ya cika wurin da roba mai kauri, ya yi mata saƙa mai ƙyalli a waje. Ga ta nan jibgegiya a hannu, cikinta kuwa sili biyar ko bakwai kamar gashi.

Kowace waya tana da turjiya, wato tana ɗan tare wutar da ke bi ta cikinta, ana kuma auna wannan turjiya da om. Siririyar waya ta fi mai kauri turjiya, doguwa ta fi gajera. Masu ƙera waya suna da lambar kauri da ake rubutawa AWG, kuma abin mamaki, in lambar ta yi sama wayar sirancewa take yi. Lamba 28 siririya ce, mita ɗaya nata yana da turjiyar kusan om 0.21. Lamba 24 ta fi ta kauri, mita ɗaya kusan om 0.08. Lamba 20 kuwa kusan om 0.03 ce kawai.

Mu yi lissafin tare

Ga Malam da kan cajarsa mai 5V 2A, lafiyayye, ga kuma igiya mai tsawon mita ɗaya wadda wayoyin wutarta lamba 28 ne. Kada a manta wutar tafiya take ta dawo, don haka mita biyu za ta bi, ba ɗaya ba. Turjiyar igiyar ta zama kusan om 0.43 ke nan. Ƙa'idar da wani masani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya bayyana a shekarar 1827 ta ce, ƙarfin da ke zubewa a hanya daidai yake da yawan wutar in an ninka shi da turjiya:

```
V = I × R
2 × 0.43 = 0.86
```

Wato in wayar Malam ta nemi amfiya 2, kusan bolt 0.86 zai salwanta a cikin igiyar. Bolt 5 ya bar kan caja, abin da ya iso bakin wayar bai fi 4.1 da ɗan ɗoriya ba.

A nan ne matsalar take. Batirin waya in ya cika yana kai wa bolt 4.2 zuwa 4.4, kuma wuta ba ta shiga batir sai turin da ke waje ya fi na ciki. Saboda haka a cikin kowace waya akwai 'yar ƙaramar na'ura mai kula da caji, wadda ke sa ido a kan ƙarfin da ke shigowa. Da ta ga ƙarfin ya faɗi ƙasa da wani mataki, a wayoyi da yawa wajen bolt 4.4 ko 4.5, sai ta rage jan wuta har ƙarfin ya farfaɗo. Da wannan igiya ta Malam, rabin bolt kaɗai aka yarda ya zube, kuma rabin bolt a kan om 0.43 bai ba da fiye da amfiya 1.2 ba. Kan cajar yana nan da sauran ƙarfinsa a ajiye, ba wanda ya tambaye shi.

Yanzu a canja igiyar, a sa mai lamba 24, tsawo ɗaya. Turjiyarta zuwa da dawowa kusan om 0.17 ce. A amfiya 2, abin da zai zube bolt 0.34 ne, wayar ta sami kusan 4.66, ta ja cikakkiyar wutarta ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Batir mai 5000mAh, irin wanda ya cika kasuwa yanzu, da igiyar kirki zai cika cikin awa uku ko kusa da haka. Da waccan kuwa sai ya haura awa huɗu, ya doshi biyar. Kan caja ɗaya, waya ɗaya, soket ɗaya.

Wanda kuma ya sayi siririyar nan mai mita biyu don ya kwanta a gado yana latsa waya, ya ninka turjiyar. Abin da zai samu bai fi amfiya 0.6 ba, kuma in allon yana kunne yana kallon bidiyo, wayar na iya cinye mafi yawan abin da ke shigowa. Shi ne za ka ji mutum yana cewa, "Tun ɗazu take a caji, amma lambar ba ta motsa ba."

Ƙarfin da ya zube ɗin nan ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake zama. Shi ya sa igiyar banza ke ɗumi a hannu, musamman wajen kawunanta, inda ƙarfen ya yi tsatsa ko ya saki.

Akwai wata ha'inci da ta fi rage kauri. Wasu ba jan ƙarfe suke sawa ba sam, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a bayansa. Alminiyam kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga shi da saurin karyewa in ana lanƙwasa shi. Sili ɗaya ya karye yau, wani gobe, igiyar tana ƙara lalaci ba tare da an ga komai a waje ba. In ka kankare silin da reza ka ga cikinsa fari, alminiyam ne. Amma a lura, akwai jan ƙarfe na gaske da ake shafa wa kuza, shi bayansa ne fari, cikinsa ja. Wannan ba aibi ba ne.

Fari da kore

Saura wayoyin saƙo. Kafin waya ta ja wuta mai yawa, sai ta san da wa take hulɗa. Ta kan fari da koren nan take gane ko an jona ta da kan caja ne ko da kwamfuta. In ba ta ji amsa ba, wayoyi da yawa sukan koma ga tsohuwar ƙa'idar USB 2.0, wato rabin amfiya, don kada su yi wa abin da aka jona su da shi lahani. Haka kuma caji mai sauri irin Quick Charge, ta waɗannan wayoyi biyu ne wayar ke roƙon kan caja ya ɗaga daga bolt 5 zuwa 9 ko 12. Igiyoyi masu araha da yawa ja da baƙi kawai ke cikinsu. Babu hanyar magana, babu roƙo, sai cajar mai 18W ta tsaya a bolt 5 kamar kowace.

Igiyar da kawunanta biyu duka USB-C ne tana da wata wayar saƙo ta dabam, kuma ta yau da kullum amfiya 3 aka yarda ta ɗauka. Duk wadda za ta ɗauki amfiya 5 sai da 'yar ƙwayar na'ura a cikin kanta mai shaida wa caja cewa za ta iya. Wasu kamfanonin waya ma cajinsu mai sauri ba ya tashi sai da igiyarsu ta asali. Don haka wanda igiyar cikin kwalinsa ke nan, ya riƙe ta da kyau, kada ya ba da aro barkatai.

Yadda za ka gane da kanka

Ba sai ka je wurin mai gyara ba. Bari batirin ya sauka ƙasa da rabi, domin in ya haura kashi 80 kowace waya da kanta take rage gudu, haka ma in ta yi zafi. Jona ta da igiyar da kake zargi, kashe allo, ka ba ta minti 20, ka rubuta kashi nawa ta ƙara. Sai ka karɓi igiyar wani wadda aka san tana da kyau, ka maimaita da kan caja ɗaya. In ta farko ta ƙara kashi 6, ta biyu ta ƙara 12, shari'a ta ƙare. In duka biyun sun yi daidai kuma duka suna jan ƙafa, to ka duba ramin cajin wayar. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a ciki su hana kan igiya zama daram. Kashe wayar ka zaƙulo su a hankali da tsinken sakace, ban da allura. In kuma ka jona igiyar da kwamfuta ba ta ga wayar ba ko kaɗan, alhali tana caji, mai yiwuwa babu wayoyin saƙo a cikinta.

Masu shagon caji da ke ƙona fetur a janareto, ku wannan magana ta fi shafa. Akwai ɗan ma'auni da ake sanyawa tsakanin caja da igiya yana nuna bolt da amfiya a allonsa, ana samunsa a manyan kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano. Da shi za ku tace igiyoyinku cikin yini ɗaya, waya ta riƙa cika da wuri, wata ta hau gurbinta.

Kai kuma mai saye, kaurin roba da ƙyallin saƙa ba shaida ba ne, rubutun kwali ma ana yin na ƙarya. Zaɓi gajera, mita ɗaya ko ƙasa da haka, wadda aka rubuta wa 3A ko fiye, wadda kanta ke shiga ya kama ba ya girgiɗi. Ka tafi da wayarka da kan cajarka, ka ce wa mai kaya, "Malam, bari in gwada tukuna." In wayarka mai caji da sauri ce, ka tsaya sai ka ga alamar ta fito a allo kafin ka miƙa kuɗi.