Albashin da ka biya ya fi wanda ya shiga asusun ma'aikaci

Masu makarantu da asibitocin kuɗi da yawa kan rubuta abin da ya fita daga banki kawai a matsayin albashi. Nan littafi ke fara karkacewa, domin akwai kuɗin da aka cire wa ma'aikaci, suna hannunka, amma ba naka ba ne.

A ce malama tana kan naira 200,000 a wata, kuma dukansa tushen albashi ne da alawus na gida da na sufuri. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire mata aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wato 16,000. Kai mai aiki za ka ɗora kashi 10, wato 20,000, daga aljihunka. Cire wannan daga albashinta zalunci ne, kuma karya doka ne.

Sai haraji, kuma sai an cire fansho tukuna ake lissafa shi. Albashinta na shekara 2,400,000 ne. A fitar da fansho 192,000, saura 2,208,000. A dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko ba su da haraji, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 ne. Saboda haka kashi 15 na 1,408,000 za a ɗauka, ya zama 211,200 a shekara, 17,600 a wata. Akawun da ya manta da fansho zai cire mata 20,000, ta yi asarar 2,400 kowane wata ba ta sani ba. Idan gidan haya take, akwai rangwamen haya da zai ƙara rage harajin. Mun bar shi a nan don lissafi ya yi sauƙi.

Abin da zai shiga asusunta 166,400 ne, amma kai 220,000 ta ci maka. Ga yadda za a shigar:

```
Dr Albashi             200,000
Dr Fanshon mai aiki     20,000
   Cr Bashin fansho     36,000
   Cr Bashin PAYE       17,600
   Cr Banki            166,400
```

Layukan nan biyu na bashi su ne abin lura. Fansho ana tura shi cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, haraji kuwa ya isa hukumar harajin jiha kafin 10 ga wata mai kamawa ta wuce. Ranar da ka tura, ka yi Dr a bashin, Cr a banki, su koma sifili.

Jinkirin fansho yana jawo tarar aƙalla kashi 2 cikin ɗari a kowane wata. Don haka yau ka ce akawunka ya buɗe maka asusun bashin nan biyu. In ka ga suna hauhawa wata bayan wata, da kuɗin ma'aikata kake juya kasuwancinka.