Ku Dubi Ƙafar Sikafol Kafin Ku Hau

Duk shekara in damina ta kankama, sai labarin faɗowar magina da leburori daga kan sikafol ya yawaita a garuruwanmu. Abin da ya fi damun masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne, sau da yawa ba katakon sama ne ya fara cin amana ba, ƙasar da aka kafa ƙafafun a kai ce ta lotsa.

Ku lura da inda ƙafafun sikafol suke tsayawa. Kusa da bango ne, daidai wurin da aka haƙa ramin tushe aka mayar da ciko. Wannan cikon ba ya kai ƙasar asali ƙarfi, sai fa in an daddaɓe shi sosai, kuma kowa ya san ba kasafai ake yi ba. A rani sai ya bushe ya yi kamar dutse, ya ruɗi mutum. Ruwan dare ɗaya ya ishe shi ya zama taɓo, balle inda indararo ke zuba. Bakin bututun ƙarfe kuwa siriri ne, nauyin mutane da bulo duka a kansa yake taruwa, sai ya riƙa nutsewa a hankali ba mai gani.

Ku tuna tukunyar tuwon biki a kan murhu. Duwatsu uku ne ke riƙe da ita, kuma uwargida mai hankali ba ta ɗora ta sai ta girgiza kowane dutse ta ji ya zauna daram. Ta san in ɗaya ya goce, sauran biyun ba za su ce bari mu rufa masa asiri ba. Tukunya za ta karkace, tuwo ya kife, wanda ke kusa ya ƙone, baƙi su kwana da yunwa. Haka ƙafar sikafol ɗaya in ta nutse: nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, mahaɗai su saki, katako ya zame.

Saboda haka kowace ƙafa tana bukatar farantin ƙarfe, wanda aka saba yinsa santimita 15 kowane gefe, a ƙarƙashinsa kuma a shimfiɗa katako mai kauri da zai baza nauyin. In ƙasa mai laushi ce, a sa dogon katako ɗaya ya ɗauki ƙafa biyu. Masu aiki da gora ko itace su caka ƙusa a gindin kowane sanda, in ta shige ba wuya, gara ko ruɓa ta riga su.

Sai ku masu cusa bulo a ƙarƙashin ƙafa don daidaita tsayi. Wallahi wannan ganganci ne! Bulo mai rami ba ya jure nauyin da ya taru a wuri ɗaya, kuma ba ya gargaɗi, farat ɗaya yake fashewa. Ɗan kwangilar da ya ga haka ya kau da kai don tsoron kuɗin katako, ya sani rayukan nan amana ce a wuyansa, kuma za a tambaye shi ranar gobe. Cewa "Allah ya kiyaye" ba ya sauke wa kowa nauyin dubawa, addini bai raba tawakkali da ɗaukar mataki ba.

Dubawar da safe ake yinta, kafin kowa ya hau, a sake bayan ruwa ko iska mai ƙarfi. Mai dubawa ya durƙusa a kowace ƙafa. In ya ga ruwa kwance, ko ƙasa ta tsage kewaye da katako, ko farantin yana motsi in an taɓa, wannan ƙafar ba ta ɗauke da rabonta. Ya ja baya ya saki igiya mai nauyi ya ga ko sandunan na tsaye sak.

Sauran a taƙaice. In tsayin sikafol ya wuce faɗin gindinsa sau huɗu, dole a ɗaure shi da ginin, kuma a duba ko masu filasta sun kwance maɗauri jiya don ya tare musu hanya. Katakon taka ya zama ba tsaga, ba giɓi, a kafe shi, da makari wajen mita ɗaya a gefe.

Batun kaya kuma lissafi ne. Sikafol na aikin yau da kullum kilo 200 ake ware wa kowane murabba'in mita, wato fage mai mita biyu da ɗaya kilo 400 ke nan. Birkila da yaronsa sun kai 140, buhun siminti biyu 100. Saura 160, bulo mai inci tara bakwai ko takwas kawai, ba a ma sa kwanon kwaɓi ba. Sauran bulon ya jira a ƙasa, a riƙa miƙawa kaɗan-kaɗan.