Lissafin Wa'adin Takardar Tashi a Gidan Haya

A Abuja, idan yarjejeniya ba ta yanka wani wa'adi ba, doka ta ba mai biyan haya wata-wata notis na wata guda, mai biya shekara-shekara kuwa wata shida cur.

Ɗauki hayar shekara-shekara da ke farawa 1 ga Janairu, ta ƙare 31 ga Disamba. Dole takardar tashi ta shiga hannun ɗan haya a ranar 30 ga Yuni ko kafin nan. Ana lissafi ne daga ranar da aka miƙa ta, ba ranar da aka rubuta ba, kuma ranar miƙawar ba ta cikin ƙirga. In an rubuta 25 ga Yuni amma ta isa 3 ga Yuli, wata shida bai cika ba, lauyan ɗan haya zai nemi kotu ta yi watsi da ita.

Idan wa'adi ya cika ɗan haya bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Wadda aka bayar tun wa'adin farko bai ƙare ba, ba ta da inganci.

Mai gida, ka ƙara mako guda a kan lissafinka, ka kuma sa a sa maka hannu da kwanan wata a kan kwafinka.