Tebur ko Takarda: Wane Rumbun Bayanai Ya Dace da Ƙaramin Shago?

Rumbun bayanai na kwamfuta iri biyu ne suka fi shahara. Na farko, irin su MySQL da SQLite, yana jera bayanai cikin tebura masu alaƙa da juna, bisa tsarin da Edgar Codd ya gabatar a 1970. Na biyu, irin su MongoDB, yana ba kowane kaya takardarsa, tamkar yadda kowace kalma take da bayaninta a ƙamus.

Mu ɗauki mai sayar da atamfa a kasuwar Jimeta, mai turmi 40. Idan ya sayar da 3, rubutu biyu ake bukata: a shigar da cinikin, kuma a mayar da ragowar kaya 37. To, in wuta ta ɗauke bayan rubutun farko fa? Rumbun tebura yana iya ɗaure rubutun biyu wuri guda: ko duka su shiga, ko duka su fasa. MongoDB bai samu wannan damar tsakanin takardu daban-daban ba sai a 2018.

Saboda haka, tebura sun fi dacewa da wannan shago. Takarda tana da ranarta inda siffofin kaya suka bambanta ƙwarai, kamar waya da takalmi.