A Yi Hattara da Masu Sayar da Sigina: Gani Ya Kori Ji

Ana jan hankalin jama'a game da wasu ƙungiyoyi da suka yawaita a Telegram da WhatsApp, waɗanda ke karɓar kuɗin wata-wata a hannun mutane domin su riƙa aiko musu da sigina. Sigina dai saƙo ne da ke cewa a sayi ko a sayar da kuɗin wata ƙasa, ko zinariya, ko kuɗin kirifto, a kan farashi kaza. Ba da shawara a kan ciniki ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne alkawarin riba tabbatacciya, domin farashi hawa yake yi yana sauka, kuma babu mahaluƙin da ya san inda zai kwana.

A shekarar 2018 hukumar da ke kula da irin waɗannan kasuwanni a Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu cinikin hasashen farashi hasara suke yi. A nan gida kuwa, MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata, ta kuma rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Da alkawarin gaskiya ne, da Naira 100,000 ta haura Naira miliyan 2 a shekara guda, ta kuma haura Naira biliyan 600 a shekara biyar, idan ana mai da riba cikin uwar kuɗi. Mai irin wannan sirri ba ya bukatar kuɗin wata na kowa.

Abin da cikakkiyar sigina ta ƙunsa

Sigina ba ta cika sai da abu huɗu: abin da za a saya ko a sayar, farashin shiga, farashin ɗaukar riba wanda ake rubutawa TP, da farashin tsai da hasara wanda ake rubutawa SL. Saƙon da bai faɗi inda za a tsai da hasara ba, ba shi aunuwa, domin mai shi na iya jira mako uku har farashi ya dawo, sa'an nan ya ce ya yi nasara, alhali kuɗin mabiyansa sun ƙare tun a hanya.

Yadda ake gwada sigina a taswirar farashi

Mataki na farko shi ne a tanadi littafi, a rubuta kowace sigina da zarar ta iso, da ranarta da sa'arta da mintinta. Dalili kuwa, mai tashar Telegram na iya goge saƙon da ya fāɗi ba tare da barin alama ba. Wanda aka gyara yakan nuna kalmar edited, amma ba ya nuna abin da ke ciki da farko.

Mataki na biyu shi ne a buɗe taswirar farashi wadda ba ta ƙungiyar ba ce, kamar ta TradingView, a daidaita agogonta da na Nijeriya, wanda ke gaban agogon GMT da sa'a ɗaya. A zaɓi taswirar minti biyar ko ta minti ɗaya. Kowane kyandir da ke jikinta yana nuna farashin buɗewa, da na rufewa, da mafi tsawo, da mafi ƙasa a cikin wannan lokaci. Kyandir na yini guda ba shi da amfani a nan, domin yana iya taɓa wurin riba da wurin hasara duka, ba tare da ya nuna wanda aka fara taɓawa ba.

A ƙaddara sigina ta iso da ƙarfe 10:15 na safe tana cewa a sayi Yuro da Dala, wato EURUSD, a kan 1.0850, riba a 1.0860, tsai da hasara a 1.0750. A wannan ciniki kowane 0.0001 ɗigo ɗaya ne. Ribar da ake nema ke nan ɗigo 10 ce, hasarar da aka yarda da ita kuwa ɗigo 100.

Sai a nemi kyandir na ƙarfe 10:15. In an tarar farashi ya riga ya kai 1.0856, to, an aiko da siginar ne bayan tafiya ta yi nisa, ɗigo 4 kaɗai ya rage wa mai bi. In kuwa farashin shiga ya yi daidai, sai a bi kyandirori ɗaya bayan ɗaya zuwa dama, a ga layin da aka fara taɓawa. A ce farashi ya gangara ya taɓa 1.0750 da la'asar, kashegari kuma ya hau zuwa 1.0860. Ƙungiya za ta buga hoto ta ce an ci riba. Amma cinikin wanda ya bi umarninta ya rufe tun jiya da hasarar ɗigo 100. A littafi, hasara za a rubuta.

Yawan nasara ba shi ne riba ba

Mataki na uku shi ne lissafi. A ce an tara sigina 20 irin wannan, 18 sun ci, 2 sun fāɗi. Ƙungiya za ta yi shelar nasarar kashi 90 cikin ɗari, kuma ba ƙarya ta yi ba. To, amma nasara 18 sau ɗigo 10 ɗigo 180 ke nan, hasara 2 sau ɗigo 100 kuwa ɗigo 200. An riga an yi giɓin ɗigo 20. Ga kuma tazarar da dillali ke ci tsakanin farashin saye da na sayarwa. In ɗigo 2 ce a kowane ciniki, ta zama 40. Jimlar hasara ɗigo 60. Wanda kowane ɗigo nasa ke daidai da Dala ɗaya ya rasa Dala 60, ban da kuɗin wata da ya biya.

Sigina 20 sun isa su tona asirin maƙaryaci, amma ba su isa su wanke kowa ba, domin sa'a kaɗai na iya kawo mako mai kyau. Wani ma yakan raba mutum 800 gida biyu, ya ce wa rabi su saya, rabi su sayar. Bayan zagaye uku, mutum 100 za su rantse cewa bai taɓa kuskure ba.

Abin da ba hujja ba ne

Hoton riba daga wayar mai ƙungiya ba hujja ba ne, domin asusun gwaji, mai suna Demo, da kuɗin wasa yake aiki, kuma hotonsa ya yi kama da na gaske. Haka nan idan an tilasta buɗe asusu wurin dillali guda ta hanyar da mai ƙungiya ya bayar, galibi kamasho yake samu a kan yawan ciniki, ko mabiyi ya ci ko ya fāɗi.

Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu shirin damfara irin na MMM. Kafin a biya ko sisi, a bincika ko mai ba da shawarar yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Wanda aka riga aka cuta kuwa ya adana saƙonni da shaidar biyan kuɗi, ya kai ƙara ga hukumar EFCC.